Taki na ƙasa, latas na yunwa: amsa ga mai lambu a Ojo

"Assalamu alaikum Malam. Ina noman latas, alayyafo da lawashin albasa a Ojo cikin Legas, ta wajen hanyar Iba. A Kura na koyi lambu. Kwamina talatin ne, kowanne mita ɗaya a mita goma, ƙasar yashi ce. Bana na ƙara kamfa da yuriya fiye da bara, amma latas ya ƙi tashi, ganyen ƙasa na yin rawaya, in na tumɓuke sai in ga saiwar gajeru. Wani ɗalibi ya auna ƙasar ya ce pH ɗinta 4.9 ne, wai in zuba farar ƙasa. Maƙwabcina kuma kashin kaji yake zubawa, shi nasa sababbin ganyen ne ke yin fari. Ciwo ɗaya ne? Mu zuba farar ƙasar tare?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ku zuba tare. Alamun da ka faɗa sun nuna kai da maƙwabcinka kuna bakin gaɓa biyu ne na matsala guda, kuma abin da zai tashi naka latas ɗin shi ne zai ƙarasa nasa. Ka kuma dakata da ƙara yuriya tukuna, domin tana cikin abubuwan da suka kawo ka nan.

Lambar da aka ba ka ma'aunin tsamin ƙasa ce. Ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuwa ƙasa ta karkata ɓangaren kanwa da toka. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tazarar lambobin. Tsakanin 4.9 da 5.9 lamba ɗaya ce a ido, amma tsamin ya ninka sau goma. Tsakanin 4.9 da 6.9 ninki ɗari ne. Yawancin kayan lambu, musamman latas, albasa da kabeji, sun fi jin daɗi tsakanin 6.0 da 6.8. Saboda haka ƙasarka ta fi abin da latas ke so tsami fiye da sau goma.

Saiwa ba ta cin taki da ƙwayarsa. Abin da ya narke a ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa shi kaɗai take iya zuƙa. Tsamin wannan ruwan ne ke yanke hukuncin abin da zai narke da abin da zai daskare. Kamar hatsi ne a rumbun da aka kulle: yana nan, ka saya da kuɗinka, amma mai yunwa ba ya kai hannu gare shi.

Abin da ke faruwa a kwaminka

Zan fara da saiwar, don ita ce shaida mafi ƙarfi a cikin duk abin da ka faɗa. Kusan kowace ƙasa tana ɗauke da alminiyam mai yawa, amma a kulle yake cikin laka da duwatsu, ba ya cutar da komai. Da zarar pH ya sauko ƙasa da 5.5 sai ya fara narkewa, ƙasa da 5.0 kuwa narkewar tana ƙaruwa sosai. Narkakken alminiyam dafi ne ga bakin saiwa, daidai wurin da take tsiro. Sai saiwar ta daina tsawo, ta yi kauri, ta dunƙule, bakinta ya yi ruwan ƙasa, ƙananan gashin nan masu shan ruwa su ƙi fitowa. Ka tumɓuke latas ɗaya gobe da safe, ka wanke saiwar a bokiti, ka duba ta a haske. Lafiyayyar saiwar latas fara ce, mai yawan rassa sirara kamar zare. In ka ga 'yan guntaye masu kauri da ba su wuce tsawon yatsa ba, to ga dalilin da ya sa shukar ke yaushi da tsakar rana alhali ka ba ta ruwa da safe, ga kuma dalilin da ya sa takin da ke ɗan nesa da gindinta ba ya amfanarta.

Na biyu fosforas ne, wato lambar tsakiya a jikin buhun NPK 15-15-15 da muke kira kamfa. Shi ne ke gina saiwa da ba shuka ƙarfin tashi tun tana ƙarama. A ƙasa mai tsami, narkakken alminiyam da ƙarfe suna damƙe shi su mai da shi abin da ba ya narkewa. Ka zuba shi yau, cikin 'yan makonni babban kasonsa ya ɗaure. Alamarsa shuka ta tsaya cak, ganye ya yi duhu, wani lokaci bayan ganyen ko jijiyoyinsa su yi shunayya, abin da ake gani sosai a tumatir da masara. Fosforas ya fi sakin jiki tsakanin 6 da 7. In aka haura 7.5 kuma kalsiyam ne ke damƙe shi, don haka gefe biyun duk ba su yi masa daɗi ba.

Na uku shi ne abin da ruwa ya riga ya tafi da shi. A nan ne bambancin Kura da Ojo yake. Legas kan sha ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, Kano kuwa yawancin shekaru ba ta kai 1,000 ba, kuma nata a 'yan watanni yake sauka ya ɗauke. Ruwan da ke ratsa yashi yana wanke kalsiyam, maganiziyam da fotasiyam ya yi ƙasa da su inda saiwar latas ba ta kaiwa. Su ne kuwa ke tare tsami. In suka tafi, tsami da alminiyam ne ke maye gurbinsu. Yashi ba shi da laka ko ruɓaɓɓen ganye da zai riƙe su, shi ya sa ƙasar wannan yankin take da tsami tun asali, kafin ma wani ya kafa fartanya.

Rawayar ganyen ƙasa da ka gani za ta iya zama ɗaya daga biyu. In tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗayansa har da jijiyoyi, ƙarancin naitirojin ne. In jijiyoyin sun zauna kore amma tsakaninsu ya yi rawaya, maganiziyam ne, kuma a ƙasa irin taka na fi zargin wannan. Su biyun duk daga tsofaffin ganye suke farawa, saboda shuka tana iya kwashe su daga tsohon ganye ta kai wa sabo.

Sai yuriya. Na san dalilin da ya sa masu lambu ke son ta: ka watsa, bayan kwana kaɗan alayyafo ya yi shar. Amma a cikin ƙasa ƙananan halittu suna juya ta zuwa naitiret, kuma a wannan juyin ne tsami ke fita. In shuka ta zuƙe naitiret ɗin, tana rage wani ɓangare na tsamin. In ruwa ya wanke shi, tsamin ya zauna. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, kuma a lissafin da aka saba yi, tsamin da zai bari yana buƙatar farar ƙasa kimanin kilo 40 kafin a kashe shi. Ka duba yawan buhunan da suka bi ta kwami talatin ɗin nan, ana girbi ana sake shuka babu hutu. Shuka ta ƙi tashi, ka ƙara yuriya, saiwar da ta lalace ba ta iya sha, ruwa ya wanke, tsami ya ƙaru. Wannan zagayen ne nake so ka yanke.

A sake awo kafin a sayi komai

Ban ga yadda ɗalibin ya auna ba, kuma awo ɗaya daga wuri ɗaya ba ya isa a kashe kuɗi a kansa. In da 'yar na'urar nan mai tsinke biyu da ake sokawa a ƙasa ya yi, ban yarda da ita ba. Na sha ganin tana nuna kusan 7 a ƙasar da ɗakin gwaji ya ce 5 ce. Takardar gwaji mai canza launi ta fi ta gaskiya, na'ura mai kamar alƙalami kuma ta fi duka, muddin an daidaita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7 kafin a fara.

Ga yadda za ku yi. Ka zagaya lambun ka ɗebi ƙasa daga wurare goma zuwa goma sha biyar, daga sama zuwa zurfin santimita 15, kana kauce wa inda aka tara taki ko aka ƙone shara. Ka haɗa su a bokitin roba mai tsabta, ka cakuɗa, ka shanya a inuwa. Ka ɗebi awo ɗaya na ƙasar ka zuba masa awo biyu da rabi na tataccen ruwa, irin wanda ake sayarwa don ƙara wa batir, amma ka tabbata tataccen ruwa ne zalla ba mai asid ba. Ka motsa sosai, ka bar shi rabin awa, sannan a auna. Kwamin da suka fi lalacewa a yi musu nasu samfurin daban. Ruwan rijiyar da kake ban-ruwa da shi ma a auna shi, don ruwan rijiya a yashin Legas yakan zo da nasa tsamin.

In kana da hali, ka aika samfurin ɗakin gwajin ƙasa. Akwai a cibiyoyin binciken noma na IITA da IAR&T a Ibadan, akwai kuma a jami'ar aikin gona ta Abeokuta. Amfaninsu shi ne za su gaya maka yawan alminiyam da maganiziyam, da adadin farar ƙasar da ƙasarka take buƙata. Ka duba takardar sakamakon: in an rubuta KCl ko CaCl2 a gefen lambar, to da ruwan gishiri aka auna, kuma irin wannan awon yakan fito ƙasa da na ruwa zalla da rabin lamba zuwa lamba guda. Duk lambobin da nake faɗa maka na awon ruwa ne.

Lissafin kwami talatin

Mu ɗauka awo ya tabbatar da 4.9. Burinmu mu kai ta wajen 6.0, ba 7 ba. Da ta haura 5.5 alminiyam ya koma ya kwanta, kuma wannan shi ne babban rabon aikin. A ƙasar yashi, ɗaga pH da lamba ɗaya yakan ci farar ƙasar noma tan ɗaya zuwa biyu a hekta, wato giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Ƙasar laka za ta ci ninki biyu ko uku na haka, don ta fi ɓoye tsami a jikinta. Ni a yashinka zan tsaya a giram 150. Kwaminka ɗaya murabba'in mita goma ne, don haka kilo ɗaya da rabi zai ci. Kwami talatin kilo 45 ke nan, buhu ɗaya mai kilo 50 ya ishe ka har da ragi. Ka auna kilo ɗaya da rabi sau ɗaya a sikeli, ka zuba a gwangwani ka yi masa alama, shi ke nan ka sami mudunka.

Wace farar ƙasa? A nan ake yawan yin ɓarna. Ta noma niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ce, mai laushi kamar gari, kuma gwargwadon laushinta gwargwadon saurin aikinta. In ka sami wadda ake kira dolomait, ita za ka ɗauka, domin tana ɗauke da maganiziyam ban da kalsiyam, ta yi maka aiki biyu. Wadda ake shafa wa bango an riga an ƙona ta an jiƙa, ta fi ƙarfi, tana cin hannu da ido, tana kuma iya ƙone shuka. In ita kaɗai ka samu, kashi uku cikin huɗu na adadin za ka zuba, ka rufe hannu da hanci, ka ƙara wa'adin jira. Jifsam kuwa, duk da fari ne kuma yana da kalsiyam, ba ya ɗaga pH, kada a sayar maka da shi a madadinta. Siminti ma ba na gona ba ne.

Tokar itace tana aiki, kuma a Legas ba ta da wuyar samu a wajen masu gidan burodi da masu tuya. Ƙarfinta bai cika wuce rabin na farar ƙasa ba, sai dai tana da sauri, tana kuma kawo fotasiyam. Zan ce kada ta wuce giram 200 a murabba'in mita a zubi ɗaya, kuma ta itace zalla, ban da tokar bola mai roba da batir, tunda ganyen da kake nomawa ɗanye ake cin wasunsu.

Yadda ake zubawa ya kai adadin muhimmanci. Farar ƙasa ba ta tafiya da kanta cikin ƙasa sai a hankali ƙwarai. In ka barbaɗa a sama ka tafi, santimita biyun sama ne za su gyaru, saiwa kuma tana ƙasa da nan. Bayan ka cire amfanin da ke kwamin, ka barbaɗa ta ko'ina daidai, ka kafce da fartanya ta gauraya har zurfin santimita 15, ka ba da ruwa, ka riƙa jiƙawa, ka jira mako uku zuwa huɗu kafin dashe. A busasshiyar ƙasa ba ta yin komai. Ɗan tsagaitawar ruwan da ake samu a watan Agusta lokaci ne mai kyau, haka ma ƙarshen damina kafin noman rani.

Kada ka haɗa ta rana ɗaya da yuriya ko ɗanyen kashin kaji. In suka haɗu, naitirojin ɗin yana tashi sama a matsayin iskar amoniya, hancinka ma zai gaya maka. Ka bar aƙalla mako biyu zuwa uku a tsakani. Bayan dashe, ka raba yuriya kashi biyu ko uku kaɗan-kaɗan, ka rufe ta da ƙasa. Kamfa ko takin fosforas na sufa kuma ka sa su a layi kusa da gindin shuka maimakon watsawa, don fosforas ɗin ya rage haɗuwa da ƙasar da za ta ɗaure shi. Ruɓaɓɓen taki na gargajiya kada ya yanke, domin shi ma yana kama alminiyam, kuma shi ne ke ba yashi ƙarfin riƙe abin da ka zuba.

Na san ba za ka iya ajiye kwami talatin wata guda babu shuka ba, masu sari na jira. Ba na ma so ka yi hakan. Ka fara da shida. Biyu ka bar su yadda suke, biyu ka ba su kilo ɗaya kowanne, biyu kilo ɗaya da rabi. Ka dasa latas iri ɗaya rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Mako uku bayan dashe ka tumɓuke ɗaya daga kowane rukuni, ka wanke, ka jera su a kan buhu. Saiwa ce ke fara nuna sauyi kafin ganye. Bayan mako shida zuwa takwas da zubawa a sake awo. In kilo ɗaya ya kai ka 5.8 ko 6.0, to ka tsaya a kansa ga sauran kwamin. A irin ruwan Legas gyaran ba ya dawwama, don haka ka riƙa awo sau ɗaya a shekara, kuma ƙarin da za ka riƙa yi nan gaba ba zai kai na farko ba. Kwamin da layi bai zo kansu ba ka sa musu abin da ke jure tsami, kamar dankalin Hausa. Rogo da abarba ma suna jurewa, shi ya sa za ka ga rogo ya yi kyau a gefen lambun da latas ya ƙi.

Maƙwabcinka

Sabon ganye ya yi fari ko rawaya mai haske, jijiyoyinsa kore siriri, tsofaffin ganye kuma lafiya lau: wannan hoton ƙarancin ƙarfe ne. Shuka ba ta iya kwashe ƙarfe daga tsohon ganye, shi ya sa sabon ke fara nunawa. Ƙasarmu ba ta rasa ƙarfe ba. Abin da ke faruwa shi ne in pH ya haura 7.5 ƙarfen yana daskarewa, haka ma manganis da zink. Za ka yi mamakin yadda hakan zai faru taku kaɗan daga ƙasa mai 4.9, amma a lambunan birni na saba ganinsa. Kajin ƙwai ana sa musu niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa a abinci don ɓawon ƙwai ya yi ƙarfi, kuma ragowar tana fita a kashinsu. Wanda ya shekara da shekaru yana jibga shi a yashi, kamar yana zuba farar ƙasa ne bai sani ba. In kuma filin an taɓa cike shi da ɓaraguzan bulo, ko yana ƙara toka, abin ya haɗu. Na taɓa duba wani lambu da layi ɗaya na alayyafo ya yi fari fat daga wannan baki zuwa wancan, sauran kore. Da muka tona, tsohon harsashin gini ne kwance a ƙarƙashin layin.

Ya auna tasa ƙasar kamar yadda na faɗa. Ya kuma ɗiga ruwan binega a kan busasshiyar ƙasar: in ta yi kumfa tana tsuwwa, akwai ragowar farar ƙasa ko siminti a ciki. Maganinsa na farko kyauta ne, ya dakatar da kashin kajin ƙwai da toka, ya koma ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu. In zai sa naitirojin, takin amoniyam salfet ya fi masa, don tsamin da yake bari ya ninka na yuriya. Don ceto shukar da ke tsaye, ya fesa feras salfet, wato sinadarin ƙarfe mai narkewa a ruwa, giram biyu zuwa uku a litar ruwa da yamma, bayan ya gwada a 'yan tsiraru ya ga bai ƙone ganye ba. Feshin ganyen da ya taɓa kaɗai yake gyarawa, don haka sai an maimaita. Garin farar wuta, kimanin giram 50 a murabba'in mita, yana saukar da pH a yashi, amma yana ɗaukar watanni, kuma in ƙasar ta yi kumfa da binega ba zai yi tasiri ba sai an kwashe ɓaraguzan. Wannan kuma gargaɗi ne gare ka: yashi ba ya jure wuce gona da iri, in ka ninka adadin da na ba ka don neman sauri, za ka koma inda yake.

Akwai abubuwan da ke kwaikwayon waɗannan alamu, kuma daga nan ba zan iya raba maka su ba sai idonka. In saiwar tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, farar ƙasa ba ta kashe ta. In saiwar baƙa ce, ta yi laushi tana wari, ruwa ne ke kwanciya, sai ka ɗaga kwamin ka buɗe magudana. In gefen ganye na ƙonewa kuma farin ɓawo na fitowa a saman ƙasa da rani, gishiri ne, daga rijiya ko daga yawan taki, kuma awonsa daban ne da na pH. In kuma wani ɓangaren lambun tsohuwar fadamar bakin ruwan gishiri ce da aka busar, ka ga ɗigo-ɗigon rawaya a cikin laka kuma awo ya sauko ƙasa da 4, lissafin giram 150 bai shafe shi ba. Irin wannan wurin sai ɗakin gwaji ya faɗi adadi kafin ka sayi buhu.